Yadda ake tsara takardar bibiyar kaya da ƙungiyar aiki za ta riƙa amfani da ita a kowace tafiya

Duk ƙungiyar da aikinta yake sa ta loda kaya a mota ta bar gari tana buƙatar takarda guda wadda za ta amsa tambayoyi huɗu a kan kowane abu: an saka shi, an gwada shi, yana ina, kuma wa za a tambaya idan babu shi. Zan bi wannan aiki da misalin masu haɗa sola su huɗu da ke da shago a cikin garin Sakkwato, waɗanda aiki kan kai su Illela, Wurno ko Tambuwal. Akwai maigidan aiki, da mataimakinsa, da mai kula da sito, da direba. Na zaɓe su ne saboda mantuwa tana yi musu tsada. Wanda ya isa Illela, can bakin iyakar Nijar, ya buɗe akwati ya tarar babu filayar matse kan waya, ko dai ya shiga kasuwa yana nema ko ya yi asarar yini. Tsarin kuwa ɗaya ne ga masu kayan sauti, masu hayar rumfuna da kujeru, ko ma'aikatan lafiya masu fita ƙauyuka. Sunayen kayan ne kawai za su canza.

Fara da kayan, ba da kwamfuta ba

Ranar da za a yi lodi na gaba, ka tsaya da biro da littafi a bakin mota ka rubuta duk abin da aka saka, a yadda ma'aikatan suke kiransa. Idan a shagonku ana cewa "babbar mita" da "ƙaramar mita", haka za ka rubuta, domin takardar tasu ce, kuma su za su karanta ta da asuba cikin gaggawa. Jerin da aka rubuta daga ka a zaune a ofis kullum yakan cika da manyan kaya, ya bar ƙanana. Ba wanda yake manta inbata. Abin da ake mantawa shi ne salatif, da cajar dirili, da kusoshin da ake ɗaure fanel da su.

Idan ka gama, sai ka bi jerin da ƙa'ida ɗaya: kowane layi ya zama abu guda da za a iya ɗagawa a nuna, a kuma ƙirga. "Kayan aiki" ba layi ba ne. "Wayoyi da sauransu" ma ba layi ba ne, kuma kalmar "da sauransu" kada ta shiga takardar nan ko sau ɗaya. Haka nan dirili da batirinsa da cajarsa layi uku ne, tunda kowanne yana iya zama a shago shi kaɗai: dirilin yana cikin akwati, batirin yana jikin caja a soket ɗin bayan kanta, kowa kuma ya buga maki da zuciya ɗaya cewa an ɗauki dirili.

Amma kada ka wuce gona da iri. Sifanoni goma sha biyu da ke zaune cikin jaka ɗaya mai aljihu goma sha biyu layi ɗaya ne, domin da an warware jakar ido zai ga aljihun da babu kowa. Abin da za ka nema shi ne jerin da bai wuce layi arba'in zuwa hamsin ba, wanda zai shiga takarda biyu. Idan ya kai ɗari, mutane za su daina karantawa su koma jera maki daga sama har ƙasa.

Guraben da takardar za ta ɗauka

Ka buɗe sabon shafi a Google Sheets. Layi na 1 na bayanin tafiya ne: kwanan wata, garin da za a je, lambar mota. Layi na 2 za mu bar shi domin ƙirgen abin da ya rage. A layi na 3 sai ka rubuta kanun gurabe daga A zuwa I, kaya kuma su fara daga layi na 4. Ga yadda layuka kaɗan za su kasance a aikin da za a yi a wani gida a Illela, inda za a haɗa fanel 6 da inbata ɗaya da batura 2:

| Lamba | Kaya | Adadi | Gwaji | Wuri | Mai alhaki | An tattara | An duba | Matsayi |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Fanel | 6 | Gilashi lafiya, wayoyin baya biyu suna nan | Bayan mota, jingine | Mai sito | | | |
| 2 | Babban batir | 2 | Mita ta nuna bolt 12.6 ko sama | Bayan mota, a tsaye | Mai sito | | | |
| 3 | Inbata | 1 | An kunna ta tashi | Kujerar baya | Maigida | | | |
| 4 | Batirin dirili | 2 | An saka a dirili ya juya da ƙarfi | Akwati 1 | Mataimaki | | | |
| 5 | Kan waya MC4 | 20 | Namiji 10, mace 10 | Akwati 2 | Mataimaki | | | |
| 6 | Tsani | 1 | Ɗauri biyu, an girgiza bai motsa ba | Saman mota | Direba | | | |

Za ka lura akwai gurbin Gwaji. Shi ne yake ba gurbin An duba ma'ana, kuma zan dawo kansa yanzu. Gurabe shida na hagu kusan ba sa canzawa daga tafiya zuwa tafiya, biyu na maki su ake cikewa sabo kowane lokaci, na ƙarshe kuma shi yake cike kansa. Shi ya sa na jera su haka: hannun mai cikewa ya tsaya a gefen dama, kada ya riƙa ratsawa ta cikin rubutun da ba a so a taɓa.

Tattarawa daban, dubawa daban

A nan ne yawancin takardu irin wannan suke mutuwa, don haka zan daɗe a kai. Idan mutum ɗaya ne ya saka kaya a akwati, ya buga maki a An tattara, ya zarce ya buga a An duba, to gurbi na biyu bai ƙara komai ba. Wanda ya saka abu da hannunsa ya riga ya yarda cewa yana nan kuma yana aiki, ba zai sake kallonsa da idon tuhuma ba. Dole gurabe biyun su bambanta ta fuska uku: aikin da ake yi, mutumin da yake yi, da lokacin da ake yi.

An tattara yana nufin abin ya bar mazauninsa a sito ya shiga wurin da aka rubuta masa a gurbin Wuri, da adadin da aka rubuta. Ba a buga makin don an yi niyyar ɗauka, ko don an ajiye abin a bakin ƙofa. Mai alhakin layin ne yake buga shi, kuma da yammacin jajibirin tafiya ake yi, tun shagunan kasuwa ba su rufe ba, domin idan an tarar kan waya ya ƙare a samu damar aika yaro ya sayo.

An duba yana nufin wani mutum dabam ya je wurin, ya ƙirga, ya kuma yi gwajin da aka rubuta. Ɗauki layin batir. Mai sito ya ɗora batura biyu a mota jiya da yamma, ya buga makinsa, kuma gaskiyarsa ne, suna nan. Da safe mataimaki ya zo da mita ya ɗora a kan kowanne. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya cika caji ya huta yakan nuna kusan 12.6 zuwa 12.7. Na farko ya nuna 12.7, na biyu ya nuna 12.1, wato cajinsa bai fi rabi ba. Waɗannan batura biyu za a jera su ne su ba da bolt 24, kuma haɗa cikakke da wanda ya sauka haka yana gajiyar da su duka biyun tun daga ranar farko. Ido ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a waje baturan iri ɗaya ne sak. Mataimaki ba zai buga maki ba, zai ce, "Maigida, batir ɗaya bai kai ba," a sauke shi a ɗauko wani. Minti goma kenan a Sakkwato, maimakon a gano bayan mako biyu lokacin da mai gida ya bugo waya cewa wuta tana ɗaukewa tun kafin asuba.

Saboda haka kowane gwaji ka rubuta shi a matsayin abin da hannu zai yi ido ya gani. "Yana da kyau" ba gwaji ba ne. "An kunna ta tashi" gwaji ne. A layin kan waya, gwajin ya ce namiji 10 mace 10, domin ledar tana iya cika da ashirin amma sha huɗu daga ciki jinsi ɗaya ne. Ita kanta mitar tana da layinta: a kunna, a ga alamar batirinta bai yi ƙasa ba, a haɗa bakin wayoyinta biyu a ji ƙarar. Mita mai raunin batir takan ba da lamba marar gaskiya, sai ta ɓata duk sauran gwaje-gwajen da suka dogara da ita, don haka ita ake fara dubawa. Abin da babu abin gwadawa a jikinsa, kamar salatif, sai ka rubuta "ƙirge kawai".

Game da wanda zai duba, hanya mafi sauƙi ga mutum huɗu ita ce a yi musaya bibbiyu: mataimaki ya duba kayan mai sito, mai sito ya duba na mataimaki, direba da maigida su ma su duba na juna. Na san akwai nauyi a nan. Yaron da yake koyon aiki ba zai so ya ce wa maigidansa inbatar da ya ɗauko ba ta tashi ba, kuma direba zai ji kunyar buɗe jakar wanda ya girme shi. Maganin yana hannun maigida: shi zai fara miƙa kayansa a gaban kowa ya ce, "Malam, zo ka duba nawa," ya tsaya har a gama. Idan babba ya keɓe kansa daga dubawa, cikin wata guda kowa zai keɓe kansa.

Don saka akwatunan maki, ka zaɓi G4 zuwa H60, ka shiga `Insert` ka danna `Checkbox`. A wasu kwamfutocin sunansa `Tick box`. Idan Excel kake amfani da shi kuma tsoho ne wanda ba shi da wannan, ka yi ɗan jerin zaɓi mai `TRUE` da `FALSE` ta `Data Validation`, lissafin da ke ƙasa zai yi aiki a kansa matuƙar Excel ɗin ya kai na 2019.

Wuri

"Cikin mota" ba wuri ba ne. Wuri shi ne inda mutumin da bai yi lodi ba zai kai hannu kai tsaye. Kafin ka cike wannan gurbi sai ka fara gyara duniyar zahiri: ka samo fenti ko babbar maka ka rubuta 1, 2, 3 a jikin akwatunan, a murfi da kuma a gefe, domin idan aka ɗora wani a kan wani murfin ba ya ganuwa. Sannan ka raba motar gida-gida ka ba kowane suna: saman mota, bayan mota, kujerar baya, aljihun gaba. Wurare shida zuwa takwas sun isa.

Waɗannan sunaye ka rubuta su a wani shafi na biyu cikin fayil ɗin, ka sa masa suna `Jeri`, wurare a gurbin A, sunayen ma'aikata a gurbin B. Sai ka koma ka zaɓi E4 zuwa E60, ka shiga `Data`, `Data validation`, ka zaɓi `Dropdown (from a range)` ka nuna masa gurbin A na `Jeri`. Amfanin wannan shi ne kowa zai zaɓa ne, ba zai rubuta ba. In ba haka ba za ka tarar da "Akwati 1" da "akwati na ɗaya" da "jan akwati" duk abu guda, kuma ranar da ka so tace jerin ka ga abin da ke cikin akwati na ɗaya kaɗai, rabi ba zai fito ba.

Gurbin Wuri yana kuma ɗauke da ilimin da yake cikin kan tsofaffin ma'aikata kawai. Batirin ruwa a tsaye yake tafiya, ba a kwantar da shi, shi ya sa aka rubuta "a tsaye". Batirin dirili kuwa ba a barinsa a buɗaɗɗen bayan mota yana shan rana, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, don haka akwatinsa kujerar baya yake zama. Sabon yaro bai san wannan ba, amma idan takarda ta faɗa masa inda abu zai zauna, ya yi daidai ko bai san dalili ba.

Daga nan ka jera layukan bisa wuri, duk na Akwati 1 a jere, sannan na Akwati 2, har zuwa saman mota. Mai dubawa zai buɗe akwati sau ɗaya ya gama da shi ya rufe. Kada ka saka layukan kanu a tsakiya irin "KAYAN WUTA", domin lissafin ƙirge zai ɗauke su a matsayin kaya.

Mai alhaki

Suna ɗaya a kowane layi. Ba "kowa" ba, ba "yara" ba, ba sunaye biyu da aka raba da karan tsaye ba. Inda aka rubuta mutum biyu, kowanne zai ɗauka ɗayan ya ɗauko. A teburin sama na rubuta muƙamai, kuma haka ya kamata uwar takarda, wato ta asali wadda ake yin kwafi daga gare ta, ta kasance, domin mutane suna canzawa amma aikin direba yana nan. A kwafin kowace tafiya kuwa sai a maye muƙamin da sunan wanda zai tafi a ranar, ta jerin zaɓi daga gurbin B na `Jeri`, kamar yadda aka yi wa Wuri. Idan mai sito ba shi da lafiya, layukansa ba za su zama marayu ba, dole a zauna a ce wane ne ya karɓe su.

Ka raba alhakin bisa wanda yake amfani da abin, ba bisa wanda ya fi ƙanƙanta ba. Wanda zai hau rufi ya matse kan waya shi ya fi kowa damuwa da filayar. Kuma a bayyana wa kowa tun farko cewa mai alhaki ba lallai shi zai ɗauki kayan a ka ba. Mai sito yana iya sa yara biyu su ɗora batir, amma shi za a tambaya.

Sa takardar ta riƙa faɗin abin da ya rage

A gidan I4 ka saka wannan, sannan ka ja shi ƙasa har I60:

```
=IFS(B4="","",C4="","Saka adadi",C4=0,"Ba a tafiya da shi",AND(G4=TRUE,H4=TRUE),"Ya kammala",G4,"Saura dubawa",H4,"A sake dubawa",TRUE,"Ba a tattara ba")
```

Lissafin yana bin sharuɗɗan ne ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na farkon da ya cika. Abu biyu a cikinsa suna buƙatar bayani. Na farko, idan tafiyar yau ba ta buƙatar tsani, ba a goge layinsa, sai a rubuta 0 a adadi. Layin da aka goge yau ba zai dawo gobe ba, musamman idan wani ya kwafi takardar jiya. An kuma sa sharaɗin adadin da babu komai kafin na sifili da gangan, domin manhajar tana ɗaukar gidan da babu komai daidai da 0, sai abin da aka manta a rubuta adadinsa ya wuce a matsayin wanda ba a buƙata. Na biyu, "A sake dubawa" yana fitowa ne idan an buga An duba alhali ba a buga An tattara ba. Ba zai yiwu a duba abin da ba a saka ba, don haka ko dai mai alhaki ya manta makinsa, ko mai dubawa yana buga maki ba tare da ya buɗe akwati ba.

A layi na 2 kuma ka rubuta "Saura" a A2, ka saka wannan a B2:

```
=COUNTA(B4:B60)-COUNTIF(I4:I60,"Ya kammala")-COUNTIF(I4:I60,"Ba a tafiya da shi")
```

Dokar ƙungiya ta zama guda: direba ba ya tayar da mota sai wannan lamba ta koma 0.

Launi yana taimakawa, amma kaɗan. Ka zaɓi A4 zuwa I60, ka shiga `Format`, `Conditional formatting`, ka zaɓi `Custom formula is`. Ƙa'ida biyu sun wadatar, ja ga ta farko, rawaya ga ta biyu, wadda take kama layin da ba shi da mai alhaki:

```
=$I4="A sake dubawa"
=AND($B4<>"",$F4="")
```

A ƙarshe ka danna wani gida a layi na 3, ka shiga `View`, `Freeze`, ka daskarar da layuka uku na sama da gurabe biyu na hagu. A waya allon ƙarami ne, kuma idan sunan kaya ya ɓace lokacin da mutum ya ja zuwa dama, zai buga maki a layin da ba shi ba.

Uwar takarda da 'ya'yanta

Abin da ya sa takardar take sake amfani shi ne ba a taɓa cike uwar. Ka sa mata suna mai bayyana kanta, kamar "UWA, kada a cike", ka ba sauran ma'aikata izinin gani kawai. Kowace tafiya sai a shiga `File`, `Make a copy`, a sa wa kwafin suna da shekara, wata, rana da gari, misali 2025-03-14 Illela, domin fayilolin su jeru da kansu bisa lokaci. Akwai wata dabara mai sauƙi: ka kwafi adireshin uwar, ka goge daga `/edit` zuwa ƙarshe ka rubuta `/copy` a wurin, ka liƙa shi a zauren WhatsApp na ƙungiya. Duk wanda ya danna, abin da zai gani shi ne maɓallin yin kwafi. Masu Excel su adana uwar a matsayin `Excel Template`, mai ƙarewa da `.xltx`.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafi takardar tafiyar da ta wuce a ce za a goge makin. Kullum sai an bar maki biyu ko uku, da wani 0 da aka saka wa tsani wancan makon, kuma waɗannan su ne kayan da za a bari a shago.

Idan kowa yana shiga da asusunsa na Google, kana iya kulle guraben A, B, D da I ta `Data`, `Protect sheets and ranges`, don kada yatsa ya goge lissafi bisa kuskure. Ka leƙa bayan yin kwafi ka tabbata kullin yana nan kuma mutanen da suka dace suna da izini.

Ta takarda

Ni dai a wurin lodi na fi son takarda a kan waya. Hannu yana da maiƙo, rana tana hana ganin allo, sabis kuma ba shi da tabbas da zarar an bar gari. Ka buga uwar a A4 a kwance, ka kunna `Repeat frozen rows` don kanu su fito a shafi na biyu, ka ɓoye gurbin Matsayi tunda takarda ba ta lissafi, ka yi kwafi ashirin ka ajiye a sito. A takarda ba maki ake bugawa ba, kowa harufan farko na sunansa yake rubutawa a gidan. Wannan ma ya fi akwatin maki, domin da kallo ɗaya za ka ga ko hannu biyu ne suka cike layin ko ɗaya. Wasu sukan so a rufe takarda ɗaya da leda a riƙa rubutu da maka ana gogewa. Ban ba da shawarar haka ba: gumi yana goge rubutun, kuma bayan an goge babu shaidar da ta rage idan aka yi gardama. Kafin mota ta tashi, direba ya ɗauki hoton shafukan biyu ya tura zaure.

Ka tafi da kwafi na biyu domin dawowa. Kayan aiki sun fi ɓacewa a wurin aiki, da magariba, lokacin da kowa ya gaji kuma ana son a kama hanya kafin duhu. A kwafin dawowa, fanel da batura da inbata adadinsu 0 ne tunda sun zauna a gidan mai su, sauran kuwa ana bin su layi-layi, kowa da nasa, kafin a yi sallama. Filayar da aka bari a kan rufi a Illela a nan take bayyana, tun tsani yana jingine da bango.

Yadda za ka gane ta fara lalacewa, da yadda ake gyara ta

Bayan wasu makonni ka ɗauko takardun da aka cike ka duba su kai kaɗai. Idan harufan duka da biro ɗaya ne, da hannu ɗaya, a miƙe kamar an ja layi, an cike su ne a zaune bayan an gama lodi. A kwamfuta, ka danna dama a kan gidan maki ka zaɓi `Show edit history`, zai nuna maka wanda ya buga da lokacin. Maki arba'in a cikin minti ɗaya ba dubawa ba ne. Wata alamar ita ce a yi wata biyu mai dubawa bai taɓa mayar da ko abu ɗaya ba. Kaya suna lalacewa, batura suna sauka, don haka takardar da kullum take fita tsaf ba a gwada komai a kanta. Idan ka ga haka, kafin ka yi faɗa ka duba tsawon jerin da kuma lokacin da ake ba mai dubawa. Sau da yawa ana miƙa masa takardar ne injin mota yana ruri.

A ƙasan kowane kwafi ka bar layi uku a ƙarƙashin kanu "Abin da muka nema babu". Nan za a rubuta cewa an buƙaci doguwar waya ta jona dirili ba a zo da ita ba, ko kusoshi sun gaza. Mutum ɗaya ne kawai yake da ikon gyara uwar, kuma shi zai tattara waɗannan a ƙarshen wata. Abin da aka nema sau biyu ya samu layi. Abin da ya yi wata uku adadinsa yana 0 a fitar da shi, ko a mayar da shi wata uwar dabam idan na wani irin aiki ne, domin aikin gyara da aikin sabon haɗi ba kaya ɗaya suke ci ba kuma ya fi kyau kowanne ya samu tasa. Duk lokacin da aka gyara, a ƙara lambar bugu a kusurwar sama, bugu na 2, bugu na 3, tare da kwanan wata, sannan mai sito ya kwashe tsofaffin kwafin da suka rage a kan kanta ya yaga su a ranar, ya ajiye sababbi a wurinsu.